Fashin baƙi: yadda muka mayar da sanarwar fita Mina maganar mutum

Kwana biyu kafin fita Mina a Hajjin 2024, na sauko daga hawa na bakwai a wani masaukin alhazai da ke Misfala, a nan Makka, sai na tarar da wata dattijuwa a bakin lif ta kafa tabarau tana duban takardar da aka manna a bango. Da ta gan ni da katin ma'aikata a wuya sai ta yafito ni, ta ce, "Ɗana, zo ka faɗa mini. Liyafar da aka ce za a yi, ta ƙasa ce ko ta ɗakin cin abinci? Kuma da asuba ake liyafa a garin nan?"

Babu wata liyafa. Takardar sanarwa ce da manajan masaukin ya rubuta da Larabci, wani yaro a ofis ya zuba ta cikin manhajar fassara ta waya, abin da ta ba shi ya buga, ya manna a kowane hawa. Ga abin da Hajiya take karantawa:

"Ya ku baƙin Mai Rahama masu daraja, yana da muhimmanci a lura cewa aikin jigilar mahajjata zuwa wurin ibada na Mina zai ɗauki wuri a ranar 8 ga Zulhajji. Ana fatan kasancewa a wurin liyafa mintuna talatin kafin lokacin da aka ƙayyade, wanda shi ne 05:00. Bugu da ƙari, za a yi aiwatar da tabbatar da katin Nusuk kafin aikin hawa, kuma ba za a yi ba da izini ga wanda ba ya ɗauke da shi ba. Ana ba da shawarar zama mai ruwa da guje wa fallasa ga rana kai tsaye. Haka kuma ana fatan rashin rakiyar manyan jakunkuna domin tabbatar da ƙwarewa mai santsi. Mun gode da fahimtarku da haɗin kanku."

Ka duba da kyau, kusan babu kalmar da ba Hausa ba a ciki. Ƙugiyoyin ma sun zauna daidai, babu inda aka rubuta kasa a maimakon ƙasa. Amma babu Bahaushen da zai tsaya gaban iyayensa ya yi musu wannan magana, kuma babu wanda zai karanta ya san abin da zai yi da ƙafafunsa ranar Juma'a da asuba. Na shafe shekaru ina aikin tafinta lokacin Hajji, irin wannan takarda ta sha biyowa ta hannuna, kuma ita ce zan warware a nan daki-daki, har da inda ni ma na yi tuntuɓe.

Kurakuran da ido ke fara gani su ne na kalmomi, kuma su ne masu arha. Kalmar Larabcin da manaja ya rubuta ita ce istiƙbal, wato wurin tarbar baƙi a ƙasan otal. Alamu sun nuna manhajar ta bi da ita ta Turanci kafin ta iso Hausa, shi kuwa Bature kalma ɗaya yake kiran teburin karɓar baƙi da kuma walimar biki, sai na'ura ta ɗauko wadda ba ita ba. Haka "zai ɗauki wuri": da Turanci ne abu yake ɗaukar wuri idan zai faru, mu a wurinmu abin da ke ɗaukar wuri shi ne katifa ko buhun shinkafa. "Zama mai ruwa" kuwa ya sa wasu matasa 'yan hawa na uku dariya har da riƙe ciki, wai an ce kowa ya nemo kura da jarkoki. "Fallasa" a kunnen Bahaushe tonon asiri ne. "Ƙwarewa mai santsi" har yau ban san abin da zan ce da ita ba, sai dai santsi a bakin ƙofar mota ba abin fata ba ne ga tsoho.

Waɗannan duk wanda ya iya Hausa zai gyara su cikin minti biyar. Abin da yawancin masu gyara ke yi ke nan, su tsaya a nan. Yaron ofis ma da na nuna masa, haka ya yi: ya cire liyafa ya sa "wurin karɓar baƙi", ya cire mai ruwa ya sa "yawan shan ruwa", ya miƙo mini yana murmushi. Na karanta, kurakurai sun tafi, amma takardar tana nan a sandare kamar busasshiyar fata. Ciwon yana can ƙasa, cikin ƙashin jimla.

Ƙidaya ka gani. A cikin sakin layin nan gaba ɗaya, babu wuri ɗaya da aka ce wani mutum ya yi wani abu. Akwai "aikin jigila", akwai "kasancewa", akwai "aiwatar da tabbatarwa", "aikin hawa", "rashin rakiya". Kowane motsi an daskarar da shi ya zama suna, sannan aka nemo wani rago-ragon fi'ili, irin su "yi" da "ana fata", aka jingina shi. Larabcin ofis yana son wannan gini sosai. Za ka ga yurja, wato "ana fata", a gaban masdari, wato sunan aiki, ko yatimmu, wato "ana kammalawa", a gaban masdari, har ya zama ba a cewa "za mu duba kati" sai dai "za a kammala duba kati". A kunnen Balarabe wannan shi ne muryar hukuma, ya saba da ita tun daga takardun makaranta. Hausa kuwa da fi'ili take tafiya. Mu mukan ce a sauko, a riƙe, a bari, kada a tsaya. Muna da wannan ƙaramar "a" wadda ke ba da umarni ba tare da nuna kowa da yatsa ba, ita ce mai shela ke amfani da ita, ita ce liman ke cewa "a daidaita sahu" da ita. Na'ura ba ta cika ɗauko ta ba, domin tana bin sawun jimlar da aka ba ta, suna ya koma suna, jingina ta koma jingina.

Saboda haka ba na fara gyara da alƙalami. Abin da nake yi, nakan karanta asalin Larabcin sau biyu, in kife takardar, in nemi mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta dominsu in faɗa masa da baki. A ranar Hajiya ce ke gabana. Na ce mata, "Hajiya, ba liyafa ba ce. Jibi Juma'a za a fita Mina. Ki sauko nan ƙasa huɗu da rabi na asuba. Ki rataya katin nan naki, in babu shi ba za su bar ki ki shiga mota ba. Uwar jaka ki bar ta a ɗaki." Ta ce, "To, ai da haka aka ce tun farko." Abin da bakina ya faɗa mata shi ne ƙashin bayan sabuwar takardar. Ka lura ban ce mata yana da muhimmanci ta lura ba, ban ce bugu da ƙari ba, ban kuma gode mata da fahimtarta ba. Baki ba ya ɗaukar irin wannan kaya idan akwai idon mutum a gabansa.

Wani abu kuma ya faru a cikin maganar da na yi mata wanda ban shirya ba: na yi lissafi a madadinta. Takardar ta ce mintuna talatin kafin 05:00. Lamba ɗaya tak ke cikin jimlar, kuma ba ita ce lambar da ake so mutum ya riƙe ba. Idon mai wucewa zai ɗauki biyar ya tafi da ita, ya sauko biyar, ya tarar motoci na rufe ƙofa. Mutumin da ya damu da kai ba ya ba ka lissafi da asuba, yakan ce maka huɗu da rabi. Haka nan kwanan wata. "Ranar 8 ga Zulhajji" daidai ne, amma alhajin da ya yi mako biyu tsakanin masauki da masallaci ba lallai ya san yau nawa ga wata ba, ga kuma masu ƙirga kwana daga faɗuwar rana, waɗanda a wurinsu daren takwas ya shiga tun Magaribar Alhamis. A wannan shekarar 8 ga wata ta faɗo ranar Juma'a, 14 ga Yuni, Arfa kuma Asabar. Da ka ce Juma'a da asuba, gardama ta ƙare.

To, a nan ne na yi nawa kuskuren, kuma shi ne kuskuren da ya fi kama masu jin sun iya Hausa. Na koma ofis da zafina, na zauna na rubuta wani abu mai daɗin kunne. Na buɗe da doguwar gaisuwa, na sa "ai kun san dai", na sa "fa" da "kam" a kowace kusurwa, har na jefa karin magana, wai da sanyin safiya ake kama fara. Na karanta wa kawuna, wanda ya girme ni a wannan aiki da shekaru masu yawa, tun zamanin da ake yi wa alhazai shela da lasifikar hannu a Jarwal. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, ka yi waƙa. Ina katin?" Na duba, wallahi babu. Garin neman zaƙi na zubar da jimlar katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, ɗungurungum, ita ce kuwa jimlar da rashinta zai bar mutum tsaye a titi da haraminsa, motoci sun tafi. A shekarar ne aka tsananta maganar katin, babu shiga Mina da Arfa sai da shi.

Abin da na koya daga wannan shi ne, yayyafa "dai" da "fa" a kan rubutu ba ya mayar da shi na mutum. Waɗannan ƙananan kalmomi kowace da aikinta. "Fa" jan kunne ce, idan ka ce "da katin fa" ka nuna nan ne haɗarin yake. Idan ka sa ta sau shida a sakin layi ɗaya, ta daina jan kunnen kowa, ta zama kamar gishirin da aka zuba a shayi. Karin magana kuwa yana da wurinsa, a hira ko wa'azi, amma wanda ke neman sanin ƙarfe nawa mota za ta tashi ba ya son a tsayar da shi a kan fara. Har ila yau alhazan masaukin ba Kanawa ba ne kaɗai. Akwai 'yan Nijar daga Maraɗi da Damagaram, akwai mutanen Gana, akwai Fulani da Barebari waɗanda Hausa harshensu na biyu ce. Gwanintar da za ta burge ɗan kasuwar Kurmi ta Kano za ta iya ɓatar da su.

Daga ranar na ɗauki wata al'ada. Kafin in sake rubuta kowace sanarwa, nakan ɗauki asalin in ja layi ƙarƙashin kowane abu da mai karatu zai yi ko zai sani, in ƙirga. A wannan takarda bakwai ne: rana, wurin haɗuwa, lokaci, kati, ruwa, zafin rana, jaka. Idan na gama rubutu sai in koma in nemi bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Duk abin da ba shi da layi a ƙarƙashinsa, kamar "domin tabbatar da ƙwarewa mai santsi", ba ya ɗauke da komai, ana iya zubar da shi ba tare da kowa ya yi asara ba.

Ƙirgar tana da wani amfani na biyu, tana nuna maka ramukan da ke cikin asalin. Rubutu mai sandarewa yakan ɓoye abin da mai shi bai yanke shawara a kai ba. "Lokacin da aka ƙayyade" lokacin me? Na tashin mota ne ko na fara shiga? "Manyan jakunkuna" a bar su a ina, a ɗaki ko a kai su sito? Muddin jimla tana cikin rigar "ana fatan rashin rakiya" babu mai tambaya, amma da zarar ka so ka ce "a bar uwar jaka a...", dole ka san ƙarshen jimlar. Ga kuma babban rami: a tsakiyar Yuni ana kiran sallar Asuba a Makka wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Alhajin da ya saba tafiya Masallacin Harami tun ƙarfe uku na dare, idan ya tafi ranar, babu yadda za a yi ya dawo Misfala huɗu da rabi cikin wannan cunkoso. Takardar ba ta ce komai a kan sallah ba.

A irin wannan wuri mai gyara ba shi da ikon cike ramin da tunaninsa. Idan na rubuta "a yi sallah a masauki" don kawai ni na ga ya dace, na zama mai ba da umarni da sunan wani, kuma idan ya kasance an shirya tsayawa sallah a hanya, na rikita mutane ɗari huɗu. Sai na ɗauki tambayoyina uku na hau wurin manaja. Ya ce biyar tashin mota ne, jakunkuna a ɗaki za su zauna domin ɗakunan na nan a hannunsu har a dawo, sallah kuma a masallacin hawa na ɗaya. Ya ƙara da cewa shi ma bai yi tunanin maganar sallar ba, a sa ta a takardun sauran harsuna. Na nemi izininsa in ƙara maganar lema da shan ruwa ko ba a jin ƙishi, domin "guje wa rana" ba ya gaya wa mutum abin da zai riƙe a hannu. Ya amince. Wanda ya ga zafin wannan shekara, da ya haura digiri 51 a Makka, aka kuma rasa alhazai sama da 1,300, ya san wannan jimla ba ado ba ce.

Ga abin da muka manna a ƙarshe:

"Assalamu alaikum, alhazai baƙin Allah. Ranar Juma'a, 8 ga wata, za mu fita Mina. Kowa ya sauko ƙasa, wajen teburin da ake karɓar makulli, da ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Motoci za su tashi ƙarfe biyar. A yi sallar Asuba a nan masauki, hawa na ɗaya, kada a tafi Masallacin Harami. Kowa ya rataya katinsa na Nusuk a wuya. Za a duba a ƙofar mota, wanda ba shi da shi fa ba zai shiga ba. Uwar jaka a bar ta a ɗaki, ƙaramar jaka kawai za a ɗauka. Akwai zafi sosai, a riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi, a riƙe lema, kada a tsaya cikin rana. Allah ya karɓi ibadarmu."

Akwai ƙananan zaɓuɓɓuka a ciki da suka ci mana lokaci fiye da yadda za a zata. "Baƙin Mai Rahama" fassara ce daidai ta yadda hukumomin nan ke kiran alhazai da Larabci, amma abin da Bahaushe ke cewa shi ne baƙin Allah, sai muka bi bakinsa. "Wurin karɓar baƙi" ba laifi, sai dai tsohuwar da ba ta taɓa kwana a otal ba kafin wannan tafiya ba ta san shi da wannan suna ba, ta dai san inda take miƙa makulli. "Manyan jakunkuna" mun mayar da ita uwar jaka domin sunan da alhazan Najeriya ke kiranta ke nan tun daga sansani, kowa ya san wadda ake nufi. Na fara rubuta "kada a tafi Harami", kawu ya sa na ƙara "Masallacin", saboda a ranar kowa harami ne a bakinsa, wato tufafin da zai ɗaura, kuma ba a son mai karatu da sauri ya tsaya yana tantance wanne ake nufi. "Fa" guda ɗaya ce ta tsira, a kan kati. Godiyar "fahimtarku da haɗin kanku" ta koma addu'a, domin da ita muke rufe magana. Sannan "za mu fita" da "ibadarmu" sun sa akwai wanda ke magana, yana cikin tafiyar, ba bango ba ne ke ba da umarni.

Jerin ma mun taɓa shi kaɗan. A asali maganar jaka ce ta zo ƙarshe, bayan nasihar ruwa. Mun dawo da ita kusa da kati, domin mutum ya bi takardar kamar yadda zai bi safiyarsa: ya tashi, ya yi sallah, ya rataya kati, ya ɗauki jaka, ya fita cikin zafi.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma gara in faɗe ta. Akwai rubutun da taurinsa na gaskiya ne. Idan takardar yarjejeniya ce tsakanin kamfani da alhaji, ko sharuɗɗan inshorar lafiya, ko maganar malami a kan abin da ke wajabta fidiya, ba na kife takarda in faɗa da baki, domin "wajibi ne" da "an fi so" da "ya halatta" kowace tana da nauyinta, kuma sassauta ɗaya daga cikinsu sauya hukunci ne. A irin waɗannan nakan gyara kalmomin da suka karkace, in datse doguwar jimla gida biyu, in bar sauran yadda yake ko da bai yi daɗi ba. Kuma duk wannan aiki ba ya yiwuwa ga wanda ba ya iya karanta asalin. Da a ce Hausar na'urar kawai aka miƙo mini, da wataƙila na zauna na tsara kyakkyawar gayyata zuwa liyafar da babu ita.

Gwajin ƙarshe ba a ofis muke yin sa ba. Nakan ba wa wanda bai san zancen ba ya karanta da ƙarfi sau ɗaya, in karɓe takardar, in tambaye shi abin da zai yi. Inda harshensa ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala. Abin da ya manta, ko dai an binne shi ne a tsakiyar doguwar jimla, ko an sa shi inda ido ba ya tsayawa. Mun gwada da wani dattijo ɗan Damagaram da ke zaune a harabar ƙasa yana jan carbi. Ya kawo komai daidai sai abu ɗaya: ya ce zai sauko ƙarfe biyar. Lambobi biyu ne a jere, ya riƙe ta ƙarshe. Na so in cire biyar ɗin gaba ɗaya, manaja ya ce a bar ta, kada wani ya ce ba a gaya masa lokacin tashi ba. Sai muka buga "huɗu da rabi na asuba" da manyan baƙaƙe, muka ja masa layi, muka bar biyar da ƙananan.

Ranar Juma'a, huɗu da kwata, Hajiya ce ta fara fitowa daga lif, kati a wuya, ƙaramar jaka a kafaɗa, lema a hammata. Mutum uku daga hawa na tara sun tafi masallaci duk da haka, sai mota ta ƙarshe ta jira su. Da na tambayi ɗayansu ko bai ga takarda ba, ya ce ya gani, amma shi ba ya karatun boko, ajami ya iya.